Asid Mai Ƙarfi ko Mai Rauni: Yadda Giraf ɗin Taitireshan na Kwandaktibiti Ke Bambanta, da Wanda Ya Kamata Ka Zaɓa

A taitireshan na kwandaktibiti babu launin da ake jira ya sauya. Ana tsoma ilektirod biyu a cikin ruwan asid, ana ɗiga bes daga buret kaɗan-kaɗan, bayan kowace ɗigawa a rubuta abin da mita ta nuna na yadda ruwan ke ɗaukar lantarki. Daga baya a zana giraf, yawan bes a kwance, karatun mita a tsaye, a nemi inda layin ya karye. Wannan karayar ita ce wurin daidaito, inda bes ya cinye asid daidai wa daida. Kayan aikin iri ɗaya ne ko asid ɗin HCl ne ko CH₃COOH, wato asid ɗin binega, amma giraf ɗin da suke bayarwa ba su yi kama ba ko kaɗan. Malamin da zai tsara darasin gwaji, ko ɗalibin da zai zaɓi hanyar auna samfurin aikinsa na ƙarshe, dole ya san dalilin bambancin kafin ya yanke shawara, domin daga nan ne ake gane wane asid hanyar ta dace da shi, da kuma wane bes za a zuba a buret.

Mita ba ta san asid ba, ba ta san bes ba. Abin da take ji kawai shi ne ayon nawa ne a cikin ruwan, kuma yaya saurin kowanne yake. Friedrich Kohlrausch ya nuna a shekarun 1870 cewa idan ruwan ya tsinke sosai, kowane ayon yana kawo nasa kason ba tare da la'akari da abokin tafiyarsa ba. Saboda haka ana iya tara kason kowanne a samu jimilla. A zafin digiri 25, a ma'aunin S cm² mol⁻¹, kason H⁺ kusan 350 ne, na OH⁻ kusan 199, na Cl⁻ 76, na NH₄⁺ kusan 73, na Na⁺ 50, na CH₃COO⁻ kuwa 41. Dubi tazarar da ke tsakanin biyun farko da sauran. H⁺ ya ninka Na⁺ sau bakwai. Dalili shi ne H⁺ ba ya ratsa ruwan da kansa kamar yadda Na⁺ ke yi. Yana manne wa ƙwayar ruwa ɗaya, ita kuma ta saki wani H⁺ ga ta gaba, ta gaba ta miƙa wa mai bi mata, kamar leburori a wurin gini da suka jeru suna miƙa bulo hannu da hannu maimakon kowa ya ɗauki nasa ya taka har sama. Ana kiran wannan tafiya da sunan Theodor Grotthuss, wanda ya fara kawo tunaninta a 1806. OH⁻ ma irin wannan hanya yake bi, shi ya sa shi ne na biyu.

Duk siffar giraf daga tambaya ɗaya take fitowa: a kowace ɗigawa, wane ayon ya fita, wane ya shigo?

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A bika akwai 100 mL na asid mai 0.010 M. A buret akwai NaOH mai 0.10 M. Wurin daidaito zai zo a 10.0 mL, ko wane asid ne daga cikin biyun. Kowane 1 mL na bes yana kawo 0.1 mmol, wanda a cikin 100 mL daidai yake da 0.001 M. Alƙaluman da za su biyo baya lissafi ne daga kason da aka ambata. Mita ta gaske za ta nuna ƙasa da su kaɗan, domin ayon suna ɗan riƙe juna a ruwan da bai tsinke matuƙa ba, amma siffar ba za ta sauya ba.

HCl ya rabu gaba ɗaya zuwa ayon tun kafin a taɓa buret. Duk H⁺ ɗinsa na yawo, duk Cl⁻ ma haka, don haka mita na farawa daga sama: 350 da 76 sun ba da 426, a ninka da 0.010, a samu kusan 4.26 mS/cm. Da NaOH ya shiga, OH⁻ ɗinsa ba ya daɗewa, nan take yake haɗuwa da H⁺ su zama ruwa. Abin da ya rage shi ne Na⁺. Ke nan an cire mai 350 an maye gurbinsa da mai 50, asarar 300 a kowane musaya. Karatun na sauka da 0.30 mS/cm a kowane 1 mL, a miƙe, babu lanƙwasa, har ya kai 1.26 a wurin daidaito, inda babu komai a bika sai ruwan gishiri, NaCl. Daga nan babu sauran H⁺ da zai tare OH⁻, sai kowace ɗigawa ta ƙara Na⁺ da OH⁻ tare, 50 da 199, karatun ya riƙa hawa da kusan 0.25 a kowane 1 mL. Giraf ɗin harafin V ne mai tsini. Hannun hagu ya ɗan fi na dama tsayuwa, 0.30 da 0.25, kuma wannan ƙaramin bambanci hanya ce ta duba aiki: idan hannun dama ya fi na hagu tsayuwa, akwai abin da ya lalace, ko dai asid ɗin ba mai ƙarfi zalla ba ne.

Na CH₃COOH ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Yawan asid ɗin ɗaya ne da na HCl, kuma NaOH ɗin da zai cinye shi ɗaya ne, amma a 0.010 M kashi huɗu cikin ɗari kawai ya rabu zuwa ayon, saboda Ka ɗinsa, wato lambar da ke nuna yadda asid ke rabuwa, kusan 1.8 × 10⁻⁵ ne. Sauran yana zaune a matsayin ƙwayoyin da ba su da caji, mita ba ta ganinsu. Karatun farko kusan 0.16 mS/cm ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na HCl. Wanda ya saba da HCl yakan ga wannan ya ɗauka ilektirod ta mutu ko waya ta tsinke.

Da ɗigawar farko, karatun na ɗan sauka. Abu biyu ne ke jawo haka. OH⁻ na cinye ɗan H⁺ ɗin da ke akwai, sannan CH₃COO⁻ ɗin da ake samarwa yana danne asid ɗin, ya hana shi ƙara rabuwa don cike giɓin. A misalinmu karatun na sauka daga 0.16 zuwa kusan 0.13 a wajen 0.5 mL, ya koma 0.15 a 1 mL, ya kai 0.21 a 2 mL. Idan ana zuba 1 mL a lokaci guda, da ƙyar a lura da wannan ɗan ramin. Idan kuma aka lura da shi, sai a samu mai cewa ga wurin daidaito nan, don an koya masa cewa a V mafi ƙanƙantar karatu shi ne amsa. Ba shi ba ne. Wanda ya ɗauki 0.5 mL a madadin 10 mL ya rage amsar ninki ashirin. Dokar "nemi ƙasan giraf" ta asid mai ƙarfi ce kaɗai.

Bayan ramin, H⁺ ya yi ƙarancin da ba ya tasiri. Yanzu kowace ɗigawa na ɗaukar ƙwayar asid marar caji ta mayar da ita CH₃COO⁻, ga kuma Na⁺ da ya shigo. Babu ayon da ya fita, biyu sun shigo, amma duka biyun marasa sauri ne, 41 da 50. Karatun na hawa a hankali, 0.09 a kowane 1 mL, har 0.91 a wurin daidaito. Bayan nan sai OH⁻ ya fara taruwa, hawan ya koma 0.25, daidai da hannun dama na HCl, domin abin da ke faruwa a bika iri ɗaya ne. To giraf ɗin asid mai rauni hawa ne a kan hawa: ɗan rami, doguwar hawa mai sauƙi, sai hawa mai tsayi. Amsar tana inda hawan ya sauya.

| NaOH da aka zuba, mL | HCl, mS/cm | CH₃COOH, mS/cm |
|---|---|---|
| 0 | 4.26 | 0.16 |
| 0.5 | 4.11 | 0.13 |
| 2 | 3.66 | 0.21 |
| 5 | 2.76 | 0.46 |
| 8 | 1.86 | 0.73 |
| 10 | 1.26 | 0.91 |
| 12 | 1.76 | 1.41 |
| 16 | 2.75 | 2.40 |
| 20 | 3.75 | 3.40 |

A duka biyun ba a karanta amsa daga ɗigo ɗaya na kan giraf. Ana ɗaukar ɗigo huɗu zuwa shida a kowane ɓangare, waɗanda suka yi nesa da karayar, a ja layi miƙaƙƙe ta cikinsu, a tsawaita layukan biyu har su haɗu. Ga HCl, layin hagu shi ne 4.26 − 0.30v, na dama −1.24 + 0.25v, inda v shi ne mL na bes da aka zuba. Idan aka daidaita su, 5.50 = 0.55v, v ya fito 10.0 mL. Wannan ya bambanta da al'adar indiketa, sinadarin da ke sauya launi a wurin daidaito, inda ake lallaɓawa ɗigo-ɗigo idan an kusa ƙarshe. A nan karatun da ke dab da wurin daidaito su ne mafi ƙarancin amfani, musamman ga asid mai rauni, inda CH₃COO⁻ ke ɗan komawa ya ja H⁺ daga ruwa ya saki OH⁻, ya sa kusurwar ta yi laushi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ci gaba da zubawa bayan karayar, har kusan ninki biyu na abin da aka zuba kafin ta. Yawancin giraf ɗin da suka lalace, hannun damansu ne gajere: an ga karatu ya juya, an yi murna, an rufe buret da karatu biyu kacal.

Wannan 0.55 ɗin da ya fito a lissafi shi ne ma'aunin kwatancen. Shi ne bambancin karkatar layukan biyu, kuma shi ke nuna yadda kuskuren mita zai koma kuskuren amsa. Ga HCl 0.55 ne. Ga CH₃COOH, 0.25 a cire 0.09, ya rage 0.16. A ce wani abu ya ɗaga layin dama da 0.03 mS/cm. A HCl mahaɗar za ta gusa da 0.03 a raba da 0.55, kusan 0.05 mL, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A CH₃COOH za ta gusa da kusan 0.19 mL, kusan kashi biyu cikin ɗari. Sakaci ɗaya, amma asid mai rauni ya biya shi fiye da ninki uku. Shi ya sa HCl ke yafe wa mai koyo, CH₃COOH kuwa ba ya yafewa.

Me zai ɗaga ko ya sauke layin? Na farko tsinkewa. Duk bes ɗin da aka zuba yana ƙara yawan ruwan bika, ya rage karatu. Teburin da ke sama an riga an gyara shi. Mita da kanta a 20 mL ba za ta nuna 3.75 ba, 3.12 za ta nuna, domin ruwan ya zama 120 mL. Gyaran mai sauƙi ne: a ninka kowane karatu da (V + v)/V, inda V shi ne ruwan farko, v kuma abin da aka zuba. Idan ba a gyara ba, layukan na ɗan lanƙwasa, kuma a misalinmu mahaɗar HCl za ta faɗo wajen 9.84 mL, ta CH₃COOH wajen 9.75. Ana gane wannan matsala idan ɗigon hannun dama sun ƙi zama a kan rula, na ƙarshe suna sunkuyawa ƙasa. Hanyar rage ta tun farko ita ce bes ɗin buret ya fi asid ɗin bika kauri sau goma zuwa ashirin. Idan da 0.20 M muka yi amfani, da 5 mL ya isa, tsinkewar ta ragu da rabi, sai dai a lokacin buret mai ƙananan rabe-rabe ake so, domin kuskuren 0.05 mL a cikin 5 ya fi ciwo fiye da a cikin 10. Ni dai ina ganin a yi duka biyun, bes mai kauri da kuma gyaran lissafi. Ƙarin layi ɗaya ne a tebur.

Na biyu zafi. Karatun yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Zafin da haɗuwar asid da bes ke fitarwa ba shi ne abin tsoro ba a wannan kauri: 1 mmol yana ba da kusan jul 57, wanda ba zai ɗaga 110 mL da ya wuce ɗan ɓurɓushin digiri ba. Abin tsoron shi ne injin motsawa da ke ɗumama gindin bika, ko rana da ta leƙo ta taga, ko ruwan da aka ɗauko daga ɗaki mai sanyi aka kawo ɗakin gwaji a watan Afrilu aka fara aiki kafin ya daidaita da ɗakin. Ba sai an kai digiri 25 ba, domin siffa ake nema, ba ainihin lamba ba. Abin da ake buƙata shi ne zafin farko da na ƙarshe su zama ɗaya. A bar ma'aunin zafi a cikin bika, a sa ɗan kwali tsakaninta da injin, a gama cikin hanzari. Don haka ma ba dole ba ne mita ta kasance an saita ta daidai da ruwan KCl mai 0.01 M, wanda ke ba da 1413 µS/cm a digiri 25. Saitawar tana da kyau, amma mitar da ke ƙara kashi biyar cikin ɗari a kan kowane karatu za ta ba da mahaɗa a wuri ɗaya.

Na uku iskar CO₂. NaOH da aka bari a buɗe yana shan ta ya tara kabonet. Kabonet ba ya ba da karaya ɗaya mai tsabta, yana shimfiɗa kusurwar ta zama baka. A V ɗin HCl za a ga gindin ya yi faɗi, amma hannuwan biyu na nan. A CH₃COOH, inda kusurwar dama can ba ta da tsini, ana iya rasa ta. A haɗa bes da ruwan da aka tace aka tafasa ya huce, a rufe kwalba, a tabbatar da kaurinsa kafin aiki. Sauran ƙananan abubuwa sanannu ne: ilektirod ta nutse gaba ɗaya, kada kumfar iska ta maƙale tsakanin farantanta, kada a gusar da ita a tsakiyar aiki, a jira karatu ya tsaya kafin a rubuta.

Sai zaɓin bes. Littattafai da yawa na cewa ga asid mai rauni a yi amfani da ruwan amoniya maimakon NaOH, wai karayar ta fi fita. Ga yadda abin yake. Da amoniya, kafin daidaito ana samar da NH₄⁺ da CH₃COO⁻, 73 da 41, hawan ya zama kusan 0.11 a kowane 1 mL. Bayan daidaito, amoniyar da ta yi rara kusan ba ta rabuwa, domin ita ma mai rauni ce, ga NH₄⁺ ɗin da ya taru yana danne ta. Layin sai ya kwanta, ya miƙe a kwance wajen 1.14. Hawa sannan shimfiɗa, ido na ganin wannan nan take, har ɗalibin da bai taɓa zana giraf ba zai nuna maka wurin da yatsa. Da HCl kuma amoniya na ba da sauka mai tsayi zuwa kusan 1.50, sannan shimfiɗa, siffa mai kama da L maimakon V.

Amma a auna shi da ma'aunin ɗazu. Bambancin karkata na CH₃COOH da amoniya 0.11 ne, da NaOH kuwa 0.16. Ke nan fitowar da ake magana ta ido ce, ta takardar giraf ce. Idan da lissafi za a ja layukan, NaOH bai gaza ba, ya ma ɗan fi. Ga kuma amoniya na tashi daga kwalba da buret, ta fi tashi idan ana zafi, kaurin da aka tabbatar da safe ba lallai ya kai yamma ba. Shawarata ita ce a bar amoniya ga darasin nuna siffofi, inda ake so ɗalibai su ga abin da bes mai rauni ke yi. Ga aikin da ake son lamba a dogara da ita, NaOH. Ga HCl babu ma dalilin amoniya, sai dai idan amoniyar ce ake aunawa.

Akwai wata gaskiya da kwatancen ke ɓoyewa idan aka tsaya a kan asid biyu kawai: ƙarfi da rauni ba gida biyu ba ne, hanya ce mai tsawo, kuma siffar na sauyawa a hankali a kanta. Asid mai matsakaicin ƙarfi, mai Ka wajen 10⁻³, kamar ClCH₂COOH, shi ne mafi wahala. Ya rabu da yawa har karatun ya fara daga sama ya sauka, amma bai rabu gaba ɗaya ba, sai hannun hagu ya zama kwano mai faɗi da babu inda za a ɗora rula. Tsinkewa ma na taka rawa: CH₃COOH ɗin nan idan aka tsinka shi zuwa 0.0001 M, kusan kashi ɗaya cikin uku ya rabu, ramin farko ya yi zurfi da faɗi ya cinye wani ɓangare na layin da ake buƙata. A can ɗaya ƙarshen kuma akwai masu rauni matuƙa, irin H₃BO₃ mai pKa, wato −log Ka, kusan 9.2, da finol mai kusan 10. Su ba su da rami, karatun na farawa kusan daga sifili ya hau kai tsaye. Kusurwarsu na lanƙwasa sosai, amma idan ruwan bai tsinke da yawa ba ana samun miƙaƙƙen layi nesa da ita ta kowane gefe. Ga waɗannan amoniya ba ta aiki, ba za ta iya cinye su ba.

To wane za a zaɓa, kuma yaushe?

Idan manufar koyarwa ce, a fara da HCl. Siffar ta fito fili, kuskure ba ya kashe ta, kuma kowane hannu na V ana iya bayyana shi da ayon biyu. Sai a bi da CH₃COOH a rana ɗaya, da kauri ɗaya, da bes ɗaya, a zana su a takarda ɗaya. Ganin layuka biyu da suka fara a wurare masu nisa, ɗaya na sauka ɗaya na hawa, amma suka karye a 10 mL tare, sannan suka hau kafaɗa da kafaɗa, ya fi kowane bayani koyar da cewa rauni ba ƙarancin asid ba ne. A ɓangaren farko na CH₃COOH a zuba 0.2 mL a lokaci guda har zuwa 2 mL don ramin ya fito, a tattauna shi, kada ya zo wa ɗalibi ba zato a jarrabawa.

Idan kuwa manufar auna samfur ce, lissafin ya juya. HCl mai tsabta, marar launi, ba ya buƙatar mita. Ɗigo biyu na indiketa sun isa, sun fi sauri, ba sa jiran wuta. Farar binega ma indiketan finoftalin na yi mata daidai, domin pH ɗin wurin daidaito a misalinmu wajen 8.4 ne, inda launinsa ke fara fitowa. Abin mamakin shi ne asid ɗin da ya fi ba da kyakkyawan giraf shi ne wanda ya fi ƙarancin buƙatar hanyar. Tana cin kuɗinta ne a wuraren da ido ko mitar pH suka gaza: ruwa mai duhu ko gurɓatacce, kamar zoɓo, wanda jan launinsa da kansa ke sauyawa idan aka zuba bes har ya rufe na indiketa, asid mai ƙarfi da ya tsinke sosai, inda tsallen pH ya ragu amma V bai ɓace ba, da masu rauni matuƙa irin H₃BO₃, waɗanda kusan ba su da tsallen pH sam sai an ƙara musu manitol.

Wurin da ta fi burge ni shi ne gauraye. A haɗa HCl da CH₃COOH, kowanne 0.005 M, a cikin 100 mL ɗaya. Finoftalin zai ba da jimilla kawai, 10 mL, ba zai faɗi na wa ne nawa ba. Mita kuwa za ta zana siffofin biyu a jere. Da farko H⁺ na HCl ya danne CH₃COOH ya hana shi rabuwa, bes na cinye HCl shi kaɗai, karatun na sauka da tsayi har wajen 5 mL. Sai hawa mai sauƙi na 0.09 yayin da ake cinye CH₃COOH, har 10 mL. Sai hawa mai tsayi na OH⁻. Layuka uku, mahaɗa biyu: ta farko ta ba da asid mai ƙarfi, tazarar da ke tsakanin biyun ta ba da mai rauni. Karayar farko takan yi laushi, domin yayin da HCl ke ƙarewa CH₃COOH na fara sakin nasa H⁺, don haka a nan ma tsawaita layi ake yi, ba a ɗaukar ƙasan kwanon.

Abin da ke kashe hanyar shi ne gishiri. Mita na jin kowane ayon, har wanda ba ruwansa da taitireshan ɗin. Idan samfurin na ɗauke da NaCl mai 0.1 M, karatun zai fara daga wajen 11 mS/cm kafin a lissafa asid. V ɗin HCl, mai zurfin 3, zai iya fitowa a kan wannan, ko da yake ya dushe. Hawan CH₃COOH kuwa, da duka-duka bai kai 1 ba, zai nutse: digiri ɗaya na zafi zai motsa karatun da kusan 0.2, fiye da abin da 2 mL na bes ke kawowa, tsinkewar gishirin kuma na jan layin ƙasa da kusan 0.11 a kowane 1 mL, fiye da 0.09 ɗin da asid ke ɗagawa. Kafin a fara, a tsoma ilektirod a samfurin a duba. Idan ana zaton asid mai rauni ne amma mita ta nuna mS/cm da yawa, to gishiri ne ke magana, a ajiye wannan mita a ɗauko ta pH, wadda H⁺ kaɗai take saurare.